Saƙon Neman Cikon Kuɗi: Yadda Imoji, Alamar Motsin Rai da Gutsire Kalmomi Ke Jinkirta Amsa

A ɗauki misalin wani matashi mai shagon zane da buga takardu a Kano. Wata makaranta mai zaman kanta ta ba shi aikin katin shaidar ɗalibai guda 120, kowane ɗaya a kan naira 1,500, jimilla naira 180,000. An ba shi kafin alƙalami na naira 100,000, saura 80,000. Ya gama aikin, kuɗin kayan da ya karɓo bashi na jiransa a kasuwa, sai ya ɗauki waya ya tura wa shugabar makarantar wannan saƙo a WhatsApp:

"Slm Hjy ykk!!! 🙏🙏 Wlh aikin nan ya kammala tun jiya 🔥🔥 dan Allah a duba mana mgnr ragowar nan, ynx muna cikin wani hali 😭😭 ngd sosai!!!"

Alamar shuɗi biyu ta fito, an karanta, amma shiru. Kwana uku ke nan yana leƙa wayar, har ya fara zargin ana so a cinye masa kuɗi.

Da wuya a ce Hajiya ta ƙi amsa ne don imoji sun ɓata mata rai. Abin da ya fi yiwuwa shi ne saƙon bai ba ta abin da za ta yi aiki da shi ba. Babu adadin kuɗi, babu sunan aikin, babu lambar asusu, babu ranar da ake so a biya. Kafin ta amsa sai ta tuno wane aiki ne, ta nemo nawa aka biya a baya, sannan ta rubuta wa akanta bayanin da kanta. Tana tsakiyar hidimar makaranta, sai ta ce bari anjima. Anjiman ce ta zama kwana uku.

Matsalar waɗannan alamomi a saƙon aiki ke nan. Kowace ɗaya tana zaune ne a gurbin wata jimla da ba a rubuta ba. Saboda haka gyaran bai tsaya ga gogewa ba, sai an tambayi abin da alamar take son faɗa, sannan a rubuta shi da kalmomi.

A warware saƙon ɗaya bayan ɗaya

Alamar motsin rai, wato "!", ta fito sau shida a saƙon. Uku na farko suna bayan gaisuwa. Mai rubutun yana nufin fara'a, amma a rubuce sun fi kama da mutumin da ya tsaya a bakin ƙofar ofis yana ƙwala sallama. Ukun ƙarshe suna bayan godiya, ga shi ba a riga an yi masa komai ba, don haka sai su zama kamar matsin lamba. Ainihin abin da yake son nunawa shi ne gaggawa, ita kuwa gaggawa rana ce da dalili. Wanda ya rubuta "zan so a biya kafin ranar Alhamis, domin ranar zan biya kuɗin kayan aiki" ya fi mai alama goma isar da ita.

Imojin wuta guda biyu suna nufin aikin ya yi kyau. Wannan yabon kai ne, kuma bai ƙara wa mai karatu komai ba. Abin da zai tsaya a gurbinsu shi ne hoton kati ɗaya da aka gama, da jimlar da ke cewa duka 120 sun kammala, an duba sunaye da jerin da makarantar ta bayar.

Imojin kuka guda biyu sun fi kowanne yin ɓarna. Sun mayar da haƙƙi ya koma roƙo. Matashin ya yi aiki, kuɗinsa yake bi, amma saƙon ya sa shi a layin masu neman taimako. Shugabar makaranta tana samun saƙon neman taimako da yawa, kuma irin wannan saƙo ana amsa shi ne idan an samu hali.

Sai gutsirarrun kalmomi. "Slm" da "ngd" kusan kowane matashi ya san su, amma mace mai shekara hamsin da wani abu za ta iya tsayawa a kan "ynx" da "mgnr" tana haɗa baƙi. Akwai kuma abin da ya fi wahalar karatu muni. "Ykk" na nufin "ya kake" ko "ya kike", kuma duk biyun gaisuwar tsara ce. Da a gabanta yake, matashin nan ba zai taɓa ce wa Hajiya "ya kike" ba, zai rusuna ne ya ce "ina wuni". Sallamar da aka gutsire ta koma baƙi uku ita ma wasu manya suna ɗaukarta rashin tarbiyya. "Wlh" kuwa rantsuwa ce a kan abin da ba wanda ya musa, sai ta sa mai karatu ya fara tunanin ko akwai abin shakka.

Ga yadda saƙon zai kasance bayan an mayar da kowace alama zuwa abin da take nufi:

"Assalamu alaikum Hajiya, ina wuni. Mai buga katin shaidar ɗalibai ne. Katunan guda 120 sun kammala jiya Litinin, ga hoton ɗaya a ƙasa. Jimillar kuɗin aikin naira 180,000 ne, an biya 100,000, saura 80,000. Ina roƙon a taimaka a biya cikon kafin ranar Alhamis, domin ranar zan sallami masu kayan aiki. Lambar asusun tana cikin takardar kuɗin da na haɗo. Idan an ba ni lokaci, zan kawo katunan ofis gobe da safe. Na gode, Allah ya ƙara girma."

Ya fi na farko tsawo, amma ya fi shi saurin karantuwa. Babu imoji ko ɗaya, kuma ladabinsa ya ninka na farkon. Hausa ba ta buƙatar hoton hannu biyu kafin ta nuna girmamawa, tana da nata kayan aikin: cikakkiyar sallama, gaisuwar lokaci, kiran mutum da laƙabinsa, da amfani da "a taimaka" ko "ku duba" maimakon "ki duba". Abu mafi amfani kuma, Hajiya za ta iya danna Forward ta tura wa akanta saƙon yadda yake ba tare da ta ƙara harafi ba.

Wannan ma'auni ne mai sauƙi da za a iya gwada kowane saƙon aiki da shi. Idan aka tura shi ga mutum na uku wanda bai san mai rubutun ba, zai gane waye, me ake so, nawa ne, kuma yaushe? Sannan wanda aka tura wa zai ji nauyin nuna wa maigidansa? Saƙon aiki ba kasafai yake tsayawa a wayar mutum ɗaya ba. Ana tura shi gaba, ana ɗaukar hotonsa, wani lokaci har a buga shi a takarda a sa cikin fayil.

Babban yatsa da ya jawo biyan diyyar dala dubu 82

A ce Hajiya ta ga saƙon da aka gyara, sai ta amsa da 👍 kawai. Me take nufi? Ta ga saƙon ne, ko ta amince za a biya kafin Alhamis, ko ta yarda a kawo katunan gobe? Duk ukun suna iya zama.

Irin wannan tambaya ta taɓa kaiwa gaban alƙali a ƙasar Kanada. A watan Maris na 2021, wakilin wani kamfanin sayen amfanin gona mai suna South West Terminal da ke lardin Saskatchewan ya tura wa wani manomi, Chris Achter, hoton takardar yarjejeniya ta waya. Yarjejeniyar ta sayen tan sama da 80 ce na wata tsaba da ake tatsar mai daga cikinta, za a kawo a watan Nuwamba. Wakilin ya nemi manomin ya tabbatar, shi kuma ya amsa da 👍. Nuwamba ta zo, farashi ya tashi, kaya ba su zo ba.

A kotu manomin ya ce nufinsa kawai ya ga saƙon. Kamfanin ya nuna cewa a cinikayyar da suka yi a baya, da gajerun kalmomi irin "to" manomin yake tabbatar da yarjejeniya ta waya, kuma yana cikawa. A watan Yuni na 2023 alƙali Timothy Keene ya yanke hukuncin cewa babban yatsan amincewa ne, ya kuma umarci a biya kamfanin sama da dalar Kanada 82,000.

Hukuncin na Kanada ne, ba doka ba ce a wata ƙasa. Amma a Najeriya ma, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da damar gabatar da bayanan da suka fito daga na'ura a gaban kotu idan an cika sharuɗɗa. Ko ba a je kotu ba, ranar da rigima ta kai gaban shugaban kasuwa ko wani dattijo, hirar waya ake buɗewa a karanta.

Darasin yana da fuska biyu. Mai sana'a kada ya amsa maganar farashi, rana ko adadi da imoji. Idan kwastoma ya rubuto "za ka bar min a 150,000?", amsar ita ce "na ga saƙonku, zan duba in sanar da ku da yamma" ko kuma "na amince da 150,000". Idan kuma kwastoman ne ya turo babban yatsa, sai a rufe ƙofar da jimla ɗaya: "Na gode Hajiya. Ke nan zan kawo katunan gobe da ƙarfe 9, cikon kuma kafin Alhamis." Idan ba haka take nufi ba, a nan za ta gyara.

Abin da aka tura ba lallai shi ake gani ba

Imoji ba hoto ne ake turawa ba, lamba ce. Ƙungiyar Unicode ce ke ba kowane ɗaya lamba da suna, sannan Apple, Google, Samsung da sauran kamfanoni kowa ya zana nasa. Fuskar da ta fito da murmushi mai daɗi a wata waya tana iya fitowa kamar yaƙe a wata, musamman a imel da SMS. Idan kuma wayar ko kwamfutar ofis tsohuwa ce, ba ta san sabon imojin ba, sai ta nuna ɗan akwati fanko ko alamar tambaya a gurbinsa.

Ko zanen ya fito daidai, fassara tana bambanta. 🙏 wani yana nufin godiya, wani roƙo, wani addu'a. 😂 dariya ce har da hawaye, amma akwai manya da ke ɗaukarta kuka, shi ya sa ake ganinta jefi-jefi a ƙarƙashin sanarwar rasuwa. 😭 kuwa kuka ne, amma matasa sun mayar da shi alamar dariya. Alamar da mai shekara 22 da mai shekara 55 suke karantawa daban ba ta dace da saƙon da ya shafi kuɗi ba.

A SMS har aljihu abin yake taɓawa. Saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160 idan duk haruffan suna cikin tsarin da ake kira GSM-7. Da zarar imoji ɗaya ya shiga, wayar za ta juya dukkan saƙon zuwa tsarin UCS-2, wanda harafi 70 kawai yake ɗauka, ko 67 a kowane yanki idan saƙon ya rabu. Ke nan saƙo mai harafi 150 da zai tafi a matsayin ɗaya, imoji guda zai mayar da shi uku. Mai shagon da ke tura wa kwastomomi 200 sanarwa zai biya kuɗin saƙo 600. Haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ, ɗ da ɓ, su ma ba sa cikin GSM-7, don haka suna jawo wannan juyin. A WhatsApp da imel babu wannan matsala, can ya kamata a rubuta su daidai.

Idan jami'i ake rubuta wa

Saƙo zuwa ga jami'in jarabawa, magatakarda ko ma'aikacin banki ya fi na kwastoma tsauri, saboda jami'in bai san mai rubutun ba, kuma lamba yake aiki da ita. Ɗalibin da ya sa taken imel ɗinsa "GAGGAWA!!! A TAIMAKA 🙏" bai ba jami'in komai ba. Manyan haruffa da jerin alamar motsin rai kuma suna cikin siffofin da aka san saƙonnin talla da na damfara da su, don haka idon da ya saba ganinsu yana wucewa da sauri. Taken da zai yi aiki shi ne wanda ya ƙunshi buƙata da lambar shaida, misali "Gyaran suna a takardar sakamako" sai lambar rajista ta biyo baya. Watanni bayan haka, idan jami'in ya rubuta lambar a wurin bincike, saƙon zai fito.

Haka adadin kuɗi. "80k" yaren hira ne, kuma a rubutun kuɗin Najeriya harafin k kwabo yake nufi. A rubuta naira 80,000 cikakke. Sara irin "oga", "baba", "ba yawa" ko "a daidaita mu" a bar su a majalisa. Ta ƙarshen ma tana da haɗari, domin a ofis za a iya karanta ta a matsayin maganar cin hanci. A kira jami'i da "Malam", "Malama", "Yallaɓai" ko muƙaminsa. Wannan ƙa'ida ɗaya ce ko da Hausa aka rubuta saƙon ko da Turanci.

A sa wayar ta taimaka

Yawancin waɗannan alamomi ba da niyya ake sa su ba, yatsa ne ya saba. Hanya mafi sauƙi ita ce a rage jarabar daga kibod ɗin. Masu amfani da Gboard za su shiga Settings, su buɗe Emojis, Stickers & GIFs, su kashe Emoji fast-access row da shawarwarin imoji da ke fitowa a saman haruffa. Sunayen na iya ɗan bambanta daga wata waya zuwa wata.

Dalilin gutsire kalmomi shi ne sauri, kuma ana iya samun saurin ba tare da gutsirewa ba. A Gboard, ƙarƙashin Dictionary akwai Personal dictionary, inda mutum zai rubuta "Assalamu alaikum" ya ba ta gajeriyar hanya `slm`. Daga nan duk lokacin da ya danna baƙaƙen uku, cikakkiyar sallamar za ta fito a layin shawara. A iPhone ana samun wannan a Settings, General, Keyboard, Text Replacement. Kalmomi biyar ko shida da aka fi gutsirewa sun isa a fara da su.

Mai WhatsApp Business yana da Quick replies. Zai rubuta saƙon neman ciko sau ɗaya cikin natsuwa, ya bar gurbin adadi da rana, ya adana shi. Idan buƙata ta taso sai ya danna `/` ya zaɓo shi ya cike gurbin. Amfanin wannan shi ne saƙon neman kuɗi yawanci ana rubuta shi ne lokacin da rai ya ɓaci ko aljihu ya bushe, lokacin da alamar motsin rai ta fi yawa.

Idan kuma an riga an tura, akwai ɗan lokacin gyara. Tun 2023 WhatsApp ya ba da damar gyara saƙo cikin minti 15, sai dai kalmar Edited za ta bayyana a jikinsa. Gmail yana da Undo Send, wanda ake iya saita shi daga daƙiƙa 5 zuwa 30.

Inda ake wuce gona da iri

Wasu idan sun ji wannan sai su share komai har da gaisuwa, saƙo ya koma "Ciko 80,000. A biya Alhamis." Wannan ya fi mai imojin muni, domin a al'adar Bahaushe shiga magana babu gaisuwa raini ne. Abin da ake ragewa alamomi ne, gaisuwa da godiya suna nan daram.

Ba kuma kowane kwastoma ne Hajiya ba. Mai sayar da takalma ko turare a Instagram, wanda kwastomominsa tsararsa ne, zai zama baƙo a cikinsu idan ya riƙa rubutu kamar takardar kotu. Dabarar ita ce a fara saƙon farko a tsabtace, a ga yadda ɗayan yake rubutu, sannan a tsaya mataki ɗaya ƙasa da shi. Idan yana sa imoji uku, ɗaya ya isa, a ƙarshen saƙo, kuma a kan gaisuwa ko murna. Alamar motsin rai ɗaya a "Barka da Sallah!" ba ta da laifi.

Wurare huɗu ne dai ba a sassautawa ko da aboki ne kwastoman: maganar farashi, maganar rana, ban haƙuri, da ƙorafi. Ban haƙurin da aka rufe da 😅 yana nuna kamar mai shi bai ɗauki laifin da nauyi ba. Ƙorafin da aka cika da "!!!" yana ba ɗayan damar ya amsa faɗan ya bar maganar.

A misalin mai buga katin, idan ya riga ya tura saƙon farko kuma kwana uku sun wuce, bai kamata ya bi shi da "???" ko hoton idanu ba, kuma ba sai ya goge tsohon ba. Ya rubuta sabon cikakke kamar ba a taɓa tura komai ba, ya haɗa hoton katin da takardar kuɗin, ya tura da safe a lokacin aiki, lokacin da Hajiya da akanta suke ofis ɗaya.